Yadda Za Ka Tsara Tambayoyin Bitar Doka Hawa Uku, da Misali Daga Sashen Tunzuri na Final Kod

Ɗalibin lauya da yake aji uku a Zariya ko Kano ko Sakkwato yana iya karanto maka sashe na 222 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, da ka, ba gargada, amma ranar jarrabawa a ba shi labarin wani mai sayar da rake da ya soki abokin faɗansa, a ce ya ba shi shawara, sai ya cika shafi biyu da ma'anar kisan kai bai taɓo mai raken ba. Ba rashin karatu ne ya jawo masa hakan ba. Duk bitar da ya yi ta tsaya ne a kan tambaya iri ɗaya, wato "mene ne kaza?", alhali jarrabawar tana neman abu uku: ka tuno dokar, ka ɗora ta a kan labarin da ba ka taɓa gani ba, sannan ka iya auna ita kanta dokar ka faɗi inda ta dace da inda ta gaza.

Wannan jagora za ta nuna maka yadda za ka rubuta wa kanka, ko wa 'yan rukunin karatunku, tambayoyin da suke hawa daga na farko zuwa na uku. Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa hawa ukun ba tarin tambayoyi uku ba ne daban-daban. Daga doka ɗaya suke fitowa, kuma kowane hawa daga na ƙasansa ake ciro shi. Zan bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe: tunzuri a shari'ar kisan kai.

Fara da yanki ƙarami, ka warware shi

Kada ka ce yau za ka tsara tambayoyi a kan "dokar laifuka", ko ma a kan "kisan kai" gaba ɗaya. Ya yi faɗi. Ɗauki abin da bai wuce sashe ɗaya ko biyu ba tare da shari'o'in da suka fassara shi. A misalinmu, ƙaramin sashe na 1 na sashe na 222 ne. Abin da yake cewa shi ne: kisan kai ba ya ɗaukar hukuncin kisa idan wanda ya aikata ya yi shi ne a lokacin da tunzuri mai tsanani kuma na ba-zata ya raba shi da ikon kame kansa, har ya kashe wanda ya tunzura shi, ko ya kashe wani daban bisa kuskure ko tsautsayi.

Kafin ka ci gaba, duba kundin da malaminku yake koyarwa da shi. Lambobin da nake kawowa na asalin Final Kod ne, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960. Wasu jihohi sun sake nasu, kamar Kaduna a 2017, kuma lambobin sassan sun canza. Ka buɗe dokar da kanta, kada ka dogara da takardar da wani ya taƙaita.

Yanzu ka warware jimlar nan zuwa sharuɗɗanta, kowanne a layinsa. Dole a sami tunzuri. Dole ya kasance mai tsanani. Dole ya zo ba zato. Dole a ce da gaske ya raba wanda ake tuhuma da kamun kansa, kuma kisan ya faru kafin zuciyarsa ta huce. Dole mamacin ya zama shi ne wanda ya yi tunzurin, ko wani da abin ya faɗa wa bisa kuskure. Sai ka ƙara abin da kotuna suka ɗora a kai ko da babu shi ƙarara a lafazin sashen: ana auna tsananin ne da mutum mai hankali wanda yake irin matsayin wanda ake tuhuma a rayuwa, kuma ramuwar kada ta yi wa tunzurin nisa. Daga nan ka rubuta maƙwabtan sashen, domin babu sashen da yake zaune shi kaɗai. Sashe na 221 shi ne kisan da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 224 shi ne hukuncin wanda tunzuri ya yi masa aiki: ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 38 kuma ya fitar da wasu abubuwa daga cikin tunzuri, kamar wanda mutum ya tsokano da kansa don ya sami hujja, da abin da ma'aikacin gwamnati ya yi a cikin hurumin aikinsa, da abin da wani ya yi wajen kare kansa bisa doka.

Wannan shafi guda da ka rubuta shi ne ma'ajiyarka. Duk tambayar da za ta biyo baya, a kowane hawa, dole ka iya nuna layin da ta fito daga gare shi. Idan ba ka iya nunawa ba, tambayar ba ta wannan darasin ba ce.

Hawa na ɗaya: tunowa

Nan ba za mu daɗe ba, domin kowa ya saba da shi. Sai dai akwai tambayar tunowa mai amfani da marar amfani. Marar amfani ita ce wadda amsarta take cikin tambayar, kamar "shin tunzuri yana rage hukuncin kisan kai?" Ko wanda bai buɗe littafi ba zai ce e. Mai amfani ita ce wadda take tilasta maka ka fito da abin daga kanka, littafi a rufe, kuma amsarta ɗaya ce da za a iya cewa daidai ne ko kuskure. Ga irinsu:

> Lissafo sharuɗɗan da sashe na 222(1) ya gindaya.
>
> Idan tunzuri ya tabbata, sallamar wanda ake tuhuma ake yi ko me? A wane sashe hukuncin yake?
>
> Kawo abubuwa uku da sashe na 38 ya ce ba a lissafa su tunzuri.
>
> A shari'ar Green ta 1955, me ya sa kotu ta ƙi karɓar hujjar tunzuri?

Tambaya takwas zuwa goma sha biyu sun isa ga yanki irin wannan, kowace a amsa ta cikin minti ɗaya. A kan shari'o'i kuwa, kada ka tsaya ga suna da shekara. Tambayi abin da ya faru a taƙaice da dalilin hukuncin. Amfanin Green a wurinka shi ne cewa mutumin ya ga matarsa da wani da daddare, ya tafi, ya dawo da adda bayan kamar awa huɗu, kotu ta ce lokacin ya isa zuciya ta huce. Amfanin shari'ar Ruma da Hukumar En'e ta Daura ta 1960 shi ne cewa magana kaɗai, kamar kiran Musulmi kare, tana iya zama tunzuri. Shari'ar Obaji ta 1965 kuma ita ce ake kawowa a kan cewa ramuwa ta yi daidai da tunzuri. Ka lura cewa Green da Obaji a ƙarƙashin kundin laifuka na Kudu aka yanke su, don haka ka sa wa kanka tambaya a kan wannan ma, saboda kada ka kawo su kamar suna fassara lafazin Final Kod kai tsaye.

Kada ka hau hawa na biyu sai ka amsa kusan duka daidai a zama biyu, a ranaku daban-daban. Amsar da ka bayar minti biyar bayan karantawa ba ta nuna ka riƙe ba.

Hawa na biyu: ɗora doka a kan labari

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu tsara wa kansu tambaya suke ɓata abin. Sukan yi tsalle daga hadda zuwa doguwar tambayar jarrabawar bara mai mutum shida da laifi huɗu. Idan sun kasa, ba su san abin da ya kayar da su ba. Hanyar da ta fi ita ce ka rubuta labari ɗaya gajere, sannan ka riƙa sauya abu ɗaya tak a cikinsa.

Ga labarin tushe:

> Audu yana sayar da rake a bakin tasha, wuƙar fere tana hannunsa. Tanko ya zo suka yi musu a kan canji. Tanko ya kwaɗa masa mari a gaban mutane ya kira shi ɓarawo. Nan take Audu ya soke shi sau ɗaya a ƙirji, Tanko ya mutu kafin a kai shi asibiti. An gurfanar da Audu a ƙarƙashin sashe na 221. Ba shi shawara.

Duba yadda aka gina shi. Kowane bayani a ciki yana da layin da yake taɓawa a ma'ajiyarka. Mari da zagi a gaban jama'a suna taɓa tsanani. "Nan take" tana taɓa ba-zata da rashin hucewa. Wuƙar da take hannunsa tun farko, saboda sana'arsa, tana nuna bai je ya nemo makami ba. Suka a ƙirji tana taɓa sashe na 221, domin mai hankali ya san mutuwa ce abin da aka saba gani daga irin wannan, kuma tana taɓa batun ko ramuwar ta wuce kima. Ka kuma lura cewa labarin bai ce "Audu ya tunzura" ba, bai ce "hankalinsa ya gushe" ba. Da zarar ka sa kalmar doka a cikin labari, ka ba da amsa, tambayar ta koma hawa na ɗaya. Rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ka bar mai amsawa ya sa musu suna.

Kyakkyawar amsa a nan za ta bi tsari sananne: a fito da batun, a kawo dokar, a ɗora ta a kan abin da ya faru, a tsaya a matsaya. Za ta fara da nuna cewa rukunan sashe na 221 sun cika: Tanko ya mutu, aikin Audu ne ya kashe shi, kuma Audu ya san ko yana da dalilin sanin cewa sukar ƙirji mutuwa take jawowa. Sai ta koma kan tunzuri ta bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ba-zata ba ta da wahala. Inda gardama take shi ne ko wuƙa ta yi daidai da mari da zagi. Lauyan Audu zai ce suka ɗaya ce, da abin da yake hannunsa, cikin daƙiƙa. Mai gabatar da ƙara zai ce hannu aka sa masa, shi kuma ya rama da ƙarfe a makasa. Amsar da ta kawo ɓangarorin biyu sannan ta zaɓi ɗaya da dalili ita ce ta ci, ko wanne ta zaɓa.

Yanzu sai sauye-sauyen. Ka bar komai yadda yake, ka taɓa wuri ɗaya.

Sauyi na farko: bayan marin, Audu ya tattara kayansa ya tafi gida da la'asar, bayan isha ya nemo Tanko a majalisarsu ya soke shi. Abin da wannan yake gwadawa shi ne hucewa, kuma nan ne Green take shigowa. Mai amsawa ya kamata ya ce awannin da suka wuce, da tafiya gida, da nemo mutumin, sun fi kama da ramuwar gayya. Idan yana da ido, zai tambayi ko Tanko ya sake yin wani abu a majalisar, domin sabon tunzuri yana iya sauya lissafin.

Sauyi na biyu: Audu ya kai wa Tanko suka, Tanko ya goce, wuƙar ta sami Sale da ya shigo rabo. Wannan yana gwada ƙarshen lafazin sashen, inda ya ambaci kashe wani bisa kuskure ko tsautsayi. Sai ka yi masa ɗan'uwa: Tanko ya gudu, Audu ya juya da gangan ya soki ƙanen Tanko da yake tsaye bai ce komai ba. A nan sashen ba ya rufe shi, domin ba ƙanen ne ya tunzura shi ba kuma ba kuskure ba ne. Irin waɗannan tagwayen tambayoyi, masu kama da juna amma amsarsu ta saɓa, sun fi kowace iri koyarwa, domin suna nuna maka daidai inda iyakar dokar take.

Sauyi na uku: tun da safe Audu ya gaya wa wani cewa yau sai ya ga bayan Tanko, sannan ya je ya yi ta zaginsa har Tanko ya mare shi. Wannan sashe na 38 ne, tunzurin da mutum ya nemo da kansa. Sauyi na huɗu: babu mari, zagi ne kawai. Nan Ruma take shigowa, da tambayar ko wannan kalmar, a wannan wurin, ga mutum irin Audu, ta kai tsananin da doka take nufi.

Ka ga ke nan sharaɗi ɗaya, sauyi ɗaya. Idan ka kasa sauyi na uku, ka san sashe na 38 ne bai zauna ba, sai ka koma can kai tsaye. Kowane sauyi minti biyar zuwa bakwai ya ishe shi, sakin layi ɗaya ko biyu.

Sai bayan waɗannan ne za ka haɗa doguwar tambaya irin ta jarrabawa. A cikinta ka cusa batu biyu ko uku, ka sa bayani ɗaya da ba shi da wani tasiri don ka koyi tsallake shi, ka kuma bar giɓi ɗaya da gangan. Misali, ka ce bayan marin sun kama kokawa, Tanko ya ɗauki wani abu daga ƙasa, amma kada ka faɗi ko mene ne. Wannan zai buɗe ƙofar kare kai da wuce iyaka a cikinsa, wato ƙaramin sashe na 2, da kuma faɗan ba-zata na ƙaramin sashe na 4. Mai amsawa dole ya ce idan dutse ne babba ga yadda abin zai kasance, idan takalminsa ne da ya faɗi ga yadda zai kasance. Wannan ya dace da yadda kotunan Najeriya suke aiki, domin alƙali yana duba duk wata kariya da shaidu suka nuna ko da wanda ake tuhuma bai ambace ta ba. Ba wa irin wannan tambaya lokacin da jarrabawarku take bayarwa. Idan awa uku ce a amsa tambaya huɗu, minti 45 ke nan, ka sa agogo.

Rubuta takardar maki kafin ka amsa

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma in babu shi tambayar hawa na biyu ba ta da amfani sosai. Wanda ya amsa tambayarsa sannan ya duba da ido kawai zai ga komai ya yi kyau. Don haka da ka gama rubuta labarin, littafi a buɗe, ka raba maki. Ga yadda zan raba 20 a kan labarin Audu na tushe: 2 ga fito da batun daidai, 4 ga kawo sassan da shari'o'in ba kuskure, 3 ga nuna cewa rukunan sashe na 221 sun cika, 8 ga bin sharuɗɗan tunzuri a kan abin da ya faru tare da hujjar ɓangarorin biyu, 3 ga matsaya da faɗin hukuncin da ke sashe na 224. Fiye da rabin makin yana wurin ɗorawa, kuma da gangan ne. Wanda ya zuba hadda kawai ba zai wuce 6 ba, ya kamata ya ga hakan da idonsa.

Ajiye tambayar da takardar makin kwana biyu ko uku kafin ka amsa, don abin da ka rubuta ya ɗan dusashe a kanka. Idan kuna da rukuni, abin ya fi sauƙi: kowa ya rubuta tasa, ku yi musaya, wanda ya tsara ya duba wa wanda ya amsa. Kuna iya yin muhawarar da Hausa, sau da yawa ma ta fi zafi da fito da ma'ana, amma tambayar da amsar a rubuta su da Turanci, tunda da shi za a yi jarrabawar, kuma lafazin sashen da kansa ake so hannunka ya saba da shi.

Wajen dubawa akwai gwaji mai sauƙi. Ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta ambaci Audu, ko Tanko, ko wuƙar, ko marin. Idan ka ga rabin shafi ya wuce babu layi ko ɗaya, ka koma hadda ba ka sani ba. Sannan ka nemi kalmar "saboda". Jimlar da ta ce tunzurin mai tsanani ne ta tsaya nan ba ta ɗora komai ba. Wadda ta ce mai tsanani ne saboda an haɗa masa duka da zargin sata a wurin da yake neman abincinsa, a gaban masu sayen kayansa, ita ce ta yi aikin.

Hawa na uku: auna dokar

Tambayar wannan hawa ba "tattauna tunzuri" ba ce. Wannan gayyatar hadda ce kawai da ta sauya riga. Tambayar aunawa ta gaskiya tana ɗauke da iƙirarin da masu ilimi biyu za su iya saɓawa a kansa, kuma tana tilasta maka ka ɗauki ɓangare.

A ina za ka samo irin wannan iƙirari? Koma kan amsoshinka na hawa na biyu, ka nemi wurin da ka yi jinkiri, ko wurin da dokar ta ba da sakamakon da ranka bai kwanta da shi ba. A labarin Audu wurare biyu ne. Na farko batun daidaiton ramuwa. Doka ta ce mutumin ya rasa ikon kame kansa, kotu kuma tana so ramuwarsa ta kasance da awo. To wanda ya rasa kamun kai ta yaya zai auna? Ga tambayarka ta fito:

> "Sharaɗin cewa ramuwa ta yi daidai da tunzuri ya ci karo da ainihin dalilin sashe na 222(1)." Ka yarda? Kafa hujja da sashen da shari'o'i.

Na biyu batun ba-zata. Sauya Audu da matar da ta shekara tana shan duka a gidan miji, wata rana da daddare ta kashe shi yana barci. Bisa lafazin sashen da ƙa'idar Green, da wuya tunzuri ya yi mata aiki, alhali wanda aka mara sau ɗaya a tasha yana iya samu. Tambayar ita ce ko sharaɗin ba-zata yana fifita mai saurin fushi a kan wanda aka daɗe ana zalunta. A nan kwatance yana da amfani, domin Ingila ta soke kariyar tunzuri da dokar 2009 ta maye gurbinta da ta rasa kamun kai, wadda ba ta sharɗanta ba-zata ba. Mai amsawa zai iya auna ko wannan hanya ta dace da mu, da kuma haɗarin da ke cikinta na buɗe ƙofa ga kisan da aka shirya.

Ga ɗalibin Arewa akwai tambaya ta uku da tarihinmu ya ba shi. A mazhabar Malikiyya tunzuri ba ya mayar da kisan ganganci ya zama wani abu daban, sassauci yana zuwa ne ta hannun magadan mamaci idan sun yafe ko sun karɓi diyya. Wannan saɓani ne ya fito fili a shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar En'e ta Gwandu a 1947, inda kotun Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma kuma ta soke shi. Rikicin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka kai ga rubuta Final Kod, kuma batun ya sake tasowa da jihohi irin su Zamfara da Kano suka kafa kundin laifuka na Shari'a a 2000. Kana iya tambaya: a wajen wa ya fi dacewa ikon sassauci ya kasance, alƙali mai duban halin wanda ya yi kisan, ko iyalan wanda aka kashe? Ɗalibin da yake haɗa dokar ƙasa da Shari'a zai sami abin faɗa sosai a nan, da sharaɗin ya kawo kowane tsari yadda masu shi suke fahimtarsa.

Takardar makin wannan hawa daban take. Ba ka ba da maki don an zaɓi ɓangaren da kake so. Abin da kake nema huɗu ne: an faɗi matsaya tun a sakin layi na farko, an faɗi ma'aunin da ake auna dokar da shi, ko adalci ga wanda ake tuhuma ne, ko kare rai, ko tabbacin doka, an kawo hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren ba a raunana ta ba, an amsa ta. A ganina na biyun ne ya fi wahala kuma ya fi raba amsoshi. Ɗalibi yakan rubuta cewa dokar "ba ta da adalci" bai faɗi adalci ga wa ba. Tambaya biyu ko uku na wannan hawa sun isa ga yanki ɗaya, kuma ba dole ka rubuta cikakkiyar amsa ga kowace ba. Rubuta ɗaya cikakkiya, sauran ka yi musu ƙashin baya na rabin shafi cikin minti goma.

Gane inda matsalar take, da jera kwanakin

Idan amsa ta lalace, kada ka ce kawai "ban iya ba". Duba irin lalacewar. Idan lambar sashe ko sharaɗi ne ya ɓace maka, matsalar hawa na ɗaya ce, koma can. Idan ka san dokar amma ba ka ga cewa zancen da Audu ya yi da safe yana kiran sashe na 38 ba, ganin batu ne ya yi rauni, maganinsa ƙarin gajerun sauye-sauye, ba ƙarin karatu ba. Idan ka ga batun amma ka yi tsalle zuwa matsaya, sake rubuta sakin layin kawai, ka tilasta wa kowace jimla ta ɗauki "saboda". Idan a hawa na uku ka tsinci kanka kana bayyana dokar maimakon auna ta, rufe takardar ka faɗi matsayarka da baki a jimla ɗaya, sannan ka fara daga nan.

Wani lokaci kuma laifin na tambayar ne. Idan duk 'yan rukuninku sun amsa daidai ba tare da musu ba, labarin ya yi sauƙi, matsar da bayanin kusa da iyaka: maimakon awa huɗu, ka ce minti ashirin, ka ga yadda za a rabu. Idan kuwa kowa ya kama hanya daban har ba a tattauna batu ɗaya ba, ka cusa abubuwa da yawa, rage su.

Game da kwanaki, ga tsarin da yake aiki ga yanki ɗaya. Ranar farko ka rubuta ma'ajiya da tambayoyin tunowa da labaran da takardun maki. Rana ta uku ka amsa na tunowa da gajerun sauye-sauye. Bayan mako ɗaya ka sake na tunowa cikin minti goma, ka zauna wa doguwar tambaya da agogo, sannan ka ciro tambayoyin aunawa daga inda ka sha wahala. Bayan mako uku ka amsa ta aunawa, ka kuma gauraya labaran tunzuri da na wasu yankunan da ka gama, kamar kare kai da maye da taɓin hankali, ba tare da rubuta kan darasi a samansu ba. A zauren jarrabawa babu wanda zai gaya maka cewa tambaya ta uku a kan tunzuri take, don haka a wannan zama na ƙarshe ka sa wani ya jera maka labaran yadda ya ga dama, aikinka na farko a kan kowanne shi ne ka rubuta sassan da yake kira cikin minti biyu kafin ka fara amsawa.